Goro da giwa a mudun Unicode

Kwanakin baya na aika wa taubashina jaki. Mun saba, tun muna yara ba ma gaisawa sai da tsiya. Ya turo mini hoton sabuwar hularsa yana jiran yabo, ni kuma na mayar masa da 🫏 kawai, ban ƙara ko kalma ɗaya ba, na zauna ina jiran ya hau faɗa. Can sai ga amsarsa: "Kai bawana, wane irin akwati ne ka turo mini, ko na lefe ne?" Da ya ɗauko hoton fuskar wayarsa ya turo, sai na ga ashe babu jaki. Ɗan murabba'i ne fanko zaune a tsakiyar saƙon. Tsiyar da na shirya ta tashi a banza.

Abin da ya faru shi ne, wayata ba hoto ta aika ba. Lamba ta aika. A kundin Unicode lambar jaki ita ce `U+1FACF`, wato 129,743 idan aka juya ta zuwa ƙirgen da muka saba. Lambar ta isa wayarsa lafiya lau, amma wayar tsohuwa ce, rabon da a sabunta manhajarta an jima, shi kuwa jaki sai a 2022 ya shiga kundin. Da wayar ta duba tarin zanen da ke cikinta ba ta sami abin da ke amsa wannan lamba ba, sai ta ajiye akwati, ma'ana ga baƙo ya zo amma ba ta san fuskarsa ba.

Duk wanda ya daɗe yana rubuta Hausa a kwamfuta ya san akwatin nan tun kafin a san imoji. Shi ne yake fitowa a gurbin ƙ da ɗ da ɓ idan salon rubutun da aka zaɓa ba shi da zanensu. Dalilin ɗaya ne, domin kundin ɗaya ne. Harafin ƙ lambarsa `U+0199`, ɗ kuma `U+0257`, alamar naira ₦ tana `U+20A6`, fuskar nan mai dariya har da hawaye 😂 tana `U+1F602`. A wurin na'ura babu bambanci tsakaninsu, kowanne harafi ne mai lamba da suna. Ƙungiyar da ke riƙe da kundin, wadda aka yi wa rajista a California a 1991, aikinta ke nan: ta ba kowane harafi na kowane rubutu a duniya gurbinsa, ta rubuta sunansa. Zanen kuwa ba ruwanta. Apple ya zana nasa, Google ya zana nasa, Samsung da Microsoft da WhatsApp kowa da nasa. Shi ya sa murmushin da ka aika daga wayarka kan isa wata wayar yana kama da yaƙe.

Ina da ra'ayi a kan yadda ake shigar da sabon imoji cikin wannan kundi, kuma ra'ayin nawa ba zai yi wa masu ƙorafi daɗi duka ba. Sau da yawa ina ganin ana cewa an mayar da mu saniyar ware, babu tuwo, babu ƙwarya, babu goro, alhali ga abincin Japan nan kala-kala. Ƙorafin yana da tushe. Amma a ganina tsaurin da Unicode ke yi wajen karɓar sabon abu daidai ne, da ma za su ƙara. Inda gyara yake shi ne mudun da suke awo da shi.

Mu fara da tsaurin. Guraben kundin gaba ɗaya 1,114,112 ne, daga `U+0000` zuwa `U+10FFFF`, kuma a fitowa ta 16.0, ta watan Satumban 2024, haruffan da aka rubuta ba su kai 155,000 ba. Ke nan ba wuri ne ya yi ƙaranci ba. Abin da ke sa su taka tsantsan wata doka ce da suka ɗora wa kansu: lambar da aka ba wani harafi ba a karɓe ta, ba a sauya mata gurbi, ko sunan ma ba a taɓawa, ko da daga baya an gano an yi kuskuren rubutu a cikinsa. Dalilin a fili yake. Idan yau aka ce lambar ƙ ta koma ta wani harafi, duk littafi da wasiƙa da takardar kotu da aka taɓa ajiyewa da ita sun lalace a dare ɗaya. Wannan dokar ce ta rufe imoji ma. Abin da ya shiga ya shiga ke nan, kamar tsagar gado a fuska.

Ga shaidar abin da hakan ke jawowa a cikin wayarka. Kamfanonin wayar Japan ne suka fara wannan harka a ƙarshen shekarun 1990. Wanda aka fi ambata shi ne Shigetaka Kurita, da ya tsara ƙananan zane 176 wa kamfanin NTT DoCoMo a 1999, kowanne ɗigo 12 a tsaye, 12 a kwance. Kamfanonin uku ne manya, kowa da lambobinsa, saƙon wannan ba ya karantuwa daidai a wayar wancan. Da Google da Apple suka so shiga kasuwar Japan sai suka nemi Unicode ta haɗe abin wuri guda, aka kuma yi hakan a fitowa ta 6.0, a watan Oktoban 2010. Ba a tsaya tantance wanne ya dace da duniya ba, domin manufar ita ce kada saƙonnin da mutanen Japan suka riga suka rubuta su ɓace. Aka kwaso su ɗungurungum. Shi ya sa har gobe akwai hasumiyar Tokyo 🗼 da taswirar Japan 🗾 da gidan wayar Japan 🏣 da curin shinkafa 🍙 a wayar mai shayin unguwarku. Da yau za a kawo hasumiyar Tokyo a matsayin sabuwar buƙata, ko karanta takardar ba za a yi ba, domin ƙa'idar yanzu ta hana gine-gine na musamman. Amma ba dama a cire ta.

Saboda haka idan mutum ya ce tunda akwai curin shinkafar Japan dole a sa malmalar tuwo, hujjarsa ta faɗi tun kafin ta tashi. Ƙa'idojin ma sun ambaci irin wannan hujja a jerin abubuwan da ba a saurara, wato kafa dalili da wani imoji da ya shigo ta hanyar gado. Na san abin da ciwo. Amma idan aka buɗe wannan ƙofa, kowace al'umma a duniya tana da tuwonta, kuma kowane ɗaya da aka karɓa sai kamfanoni sun zana shi, sai an fassara sunansa, sai ya ci wuri a allon da tuni mutum ke wahala kafin ya gano abin da yake nema. A fitowa ta 16.0 jimillar imoji ta kai 3,790, alhali 'yan ƙalilan ne a cikinsu ke ɗauke da yawancin hirar duniya. Sababbin da aka ƙara a wannan shekarar takwas ne kacal. Ni ban ga laifin hakan ba.

Akwai kuma dabarar da ke rage buƙatar sabuwar lamba, wadda yawancin masu amfani da waya ba su san da ita ba. Imoji da yawa ba su da lambar kansu, haɗi ne. Tutar Najeriya ba ta da gurbi a kundin. Akwai wasu haruffa 26 na musamman da aka ware don nuna ƙasa, idan aka jera biyu sai waya ta duba ko sun dace da taƙaitaccen sunan wata ƙasa:

```
U+1F1F3 U+1F1EC   N + G   🇳🇬
U+1F1F3 U+1F1EA   N + E   🇳🇪
```

Tsakanin tutar Najeriya da ta Nijar bambancin lamba ɗaya ne. Wanda ya taɓa buɗe saƙo a kwamfuta mai Windows ya ga `NG` a inda ya sa tuta, to ba lalacewa ba ce, kamfanin ne bai zana tutocin ƙasashe ba, sai haruffan suka fito tsirara. Unicode ta yi wannan dabara ne don kada ta zama mai yanke hukuncin wace ce ƙasa, wace ce ba ƙasa ba. Ta jingina da jerin sunayen ƙasashe na ISO, hukumar daidaita ma'auni ta duniya, kuma tun 2022 ta sanar cewa ta daina karɓar buƙatar sabuwar tuta kowace iri ce. Mai son tutar masarautarsu ko ta jiharsu ko ta ƙungiyarsu, ya huta da rubutu.

Haka mace manomiya mai baƙar fata, lambobi huɗu ne aka ɗinke:

```
U+1F469 U+1F3FF U+200D U+1F33E
```

Ta farko mace, ta biyu launin fata mafi duhu cikin biyar da aka ƙara a 2015, ta huɗu zangarniyar shinkafa. Ta ukun ba a ganinta, aikinta ɗinki, ita ke gaya wa waya ta haɗe na gabanta da na bayanta su zama zane ɗaya. Abin sha'awa, ba don imoji aka ƙirƙire ta ba. Tun asali don rubutu irin na Larabci da na Indiya aka yi ta, inda siffar harafi ke sauyawa idan ya haɗu da maƙwabcinsa, kamar yadda duk wanda ya yi karatun allo ya sani. Kyan wannan hanya shi ne, tsohuwar waya ba ta nuna akwati. Sai dai ta nuna mace, ga zangarniya a gefenta, mai karatu ya gane da kansa. Da jakina haɗi ne, da taubashina ya sha tsiyarsa.

Yanzu ga yadda sabon abu ke shiga. Kowa na iya nema, ba sai ɗan ƙungiya ba, kuma ba a biyan ko sisi. Wannan ba daɗin baki ba ne, an gani a aikace. A 2016 wata yarinya 'yar Saudiyya mai shekara 15, Rayouf Alhumedhi, da ke zaune a Berlin, tana hira da ƙawayenta a WhatsApp, kowacce ta zaɓi fuskar da ta yi kama da ita, ita kuwa ba ta sami mai lulluɓi ba. Ta rubuta wa Unicode ɗan gajeren saƙo. Jennifer 8. Lee, wata 'yar jarida da ke cikin kwamitin imoji a lokacin, ta ga saƙon, ta taimaka mata aka mayar da shi cikakkiyar takardar buƙata, aka samo mai zane, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa dandalin Reddit, Alexis Ohanian, ya mara musu baya. A watan Yunin 2017 🧕 ta fito a fitowa ta 10.0 da lamba `U+1F9D5`. Ka lura da sunan da aka rubuta mata a kundi, `PERSON WITH HEADSCARF`, wato mutum mai ɗankwali. Ba a ambaci hijabi ba, ba a ambaci addini ba, don ta yi wa duk mai rufe kai amfani. Wannan ɗabi'ar kwamitin ce: sun fi son abu mai faɗi a kan abin da ya keɓanta da mutane kaɗan.

Labarin yana da daɗi, kuma ana yawan ba da shi don nuna ƙofa a buɗe take. Ni abin da na ɗauka a ciki daban ne. Yarinyar tana da gaskiya, tana da naci, amma kuma ta dace da wadda ta san hanyar gidan ta riƙe mata hannu. Ba kowa ke samun wannan ba.

Matakan kansu ba su da sarƙaƙiya. Ana buɗe karɓar takardu wasu watanni a shekara, a 'yan shekarun nan daga Afrilu zuwa ƙarshen Yuli. Ƙaramin kwamitin imoji, wanda Jennifer Daniel ta kamfanin Google ta shugabanta a shekarun nan, shi ke tacewa. Abin da ya tsallake sai a miƙa wa babban kwamitin fasaha, mai zama sau huɗu a shekara, inda ake yanke hukunci a ba shi lamba. Sabuwar fitowa kan zo a watan Satumba, sannan kamfanoni su zana, su tura wa wayoyi a sabuntawar da ke biye. Daga ranar da ka miƙa takarda zuwa ranar da abin zai bayyana a wayarka, ka ƙiyasta shekara biyu. Idan kuwa aka ƙi, ba a sake duba wannan abu sai bayan shekara huɗu. Wannan na ƙarshe yana da haɗari, domin wanda ya yi gaggawar miƙa takarda maras ƙwari ya rufe wa kowa ƙofa, ba kansa kaɗai ba.

Bari in ɗauki goro in bi da shi ta cikin ƙa'idojin, domin a nan ne za a ga inda mudun ya karkace.

Tambaya ta farko: shin abin yana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, ko kuwa hoton kansa ne kawai? A nan goro ba shi da na biyu. Idan aka ce maka "Albishirinka," ka ce "Goro," a ce "Fari ko ja?" Akwai goron gayyata, akwai goron Sallah, ana raba shi a ɗaurin aure da suna, ana kai wa surukai da malamai, ana ba wanda ya yi maka ɗawainiya "na goro" ko da kuɗi ne ba goron ba. Zane ɗaya zai iya nufin tukuici, gayyata, girmamawa, sulhu, murna. Kaɗan ne cikin kayan marmarin da ke waya suke da irin wannan nauyi. Kuma ba na Hausawa kaɗai ba ne. Yarbawa da Ibo suna da nasu al'adun a kansa, kakanninmu sun yi fataucinsa daga Gwanja shekaru aru-aru, ana cin sa daga Senegal har Sudan. Ke nan zargin cewa ya keɓanta da 'yan tsiraru ba zai kama shi ba. Akwai ma abin koyi: shayin nan na Kudancin Amurka da ake sha a ɗan ƙoƙo, 🧉, ya sami shiga a 2019, alhali shi ma abin yanki ɗaya ne.

Tambaya ta biyu: za a gane shi idan ya ƙanƙance? Ana buƙatar a haɗo da zane mai launi da kuma baƙi da fari, a girma biyu, ɗigo 72 da ɗigo 18 kowane gefe, kuma mai nema ya tabbatar yana da ikon mallakar zanen. Ɗigo 18 bai kai ƙwayar wake ba a fuskar waya. A wannan girman, jan goro ɗaya tilo curi ne kawai, kuma akwai 🌰 a kundin tun 2010, wani ɗan itacen ƙasashen sanyi mai kama da shi. Kwamitin zai ce ga abin da za ku iya amfani da shi, domin "akwai mai wakiltarsa" na cikin manyan dalilan ƙin karɓa. Wannan matsala ce ta gaske, amma mai zane da ya san goro zai iya warware ta: a ɓare shi biyu tsagar ta fito, ko a jera fari da ja a kan ɗanyen ganye kamar yadda yake fitowa daga huhu. A nan ban ga rashin adalci ba. Aiki ne, a yi shi.

Tambaya ta uku ita ce inda nake da magana. Dole ka kawo shaidar cewa za a yi amfani da abin sosai, kuma shaidar da ake karɓa ƙayyadaddiya ce: hotunan sakamakon bincike a Google, na shafuka da na bidiyo, da yawan fitowar kalmar a littattafan da Google ya tattara, da jadawalin yadda mutane ke neman kalmar tsawon shekaru. Don a sami ma'auni ɗaya, ana so ka jera kalmarka kusa da kalmar `elephant`, wato giwa, a ga wa ya fi. Sa hannun dubban mutane a takardar koke ba ya cikin lissafi, yayata maudu'i a dandalin sada zumunta ma haka. Wannan ɓangaren na yarda da shi, domin kowa ya san yadda ake sayen irin wannan hayaniya.

To amma ka gwada da goro. Ka rubuta `goro` a Google, abin da zai cika maka fuska sunan maza ne na Japan da wani dodo mai hannu huɗu na wasan bidiyo. Ka rubuta `kola`, ka faɗa cikin lemon kwalba da sunayen mutane da wani yanki na Rasha. Ka rubuta `kola nut`, sakamakon ya tsabtata, amma a gaban giwa ya zama ɗan tsako. Ko da ka kawo sakamakon wasu harsuna ka ƙara, sai ka raba ƙarfinka gida-gida, kowace al'umma da sunan da take kiransa, kowane suna da ɗan adadinsa. Tsohon da ba ya fita sai da ɓarin goro a aljihu, da gwaggon da ke ƙirga ƙwarya nawa za a saya na biki, da dillalin da ke bambance marsa da daushe da ido kawai, babu ɗayansu da ya taɓa tambayar Google mene ne goro. Mutum ba ya binciken abin da ke bakinsa. Giwa kuwa, yawancin masu rubuta sunanta ba su taɓa ganinta ba, shi ya sa ma suke nema.

Ke nan mudun ba yawan masu hulɗa da abu yake aunawa ba. Yana auna yawan rubutun da aka yi a kansa a intanet, a harsunan da suka riga suka cika intanet. Al'ummar da rayuwarta ta fi gudana da baki, da saƙon murya, da rediyo, za ta fito da nauyi kaɗan ko da ta kai miliyan ɗari. Ban ce da gangan aka yi ba. Kwamitin na neman abin da kowa zai iya dubawa ya tabbatar, kuma gara wannan da a bar abin ga son ran mutum biyar a ɗaki. Amma ma'aunin da kowa zai iya dubawa ba lallai ya zama mai adalci ba. Idan mudu ya lotsa, kowa na ganin awon, kuma kowane awo da ragi.

Dubi abubuwan da suka shafe mu da suka sami shiga, za ka ga ta wace hanya suka bi. Sauro 🦟 ya shiga a 2018, kuma masu aikin kiwon lafiya a Amurka ne suka nema, daga jami'ar Johns Hopkins da gidauniyar Gates, don wayar da kai kan cututtuka irin su zazzaɓin cizon sauro. A daidaita sahu 🛺 ya shiga a 2019, amma ba don Kano ba, ya ci albarkacin Indiya da maƙwabtanta ne inda masu hawansa ke da yawa a intanet. Doguwar ganga 🪘 da bukka 🛖 sun zo a 2020. Muna samu, amma galibi idan abinmu ya yi kama da na wasu masu nauyi a mudun, ko kuma wani daga waje ya ga dacewar a yi mana.

Akwai kuma wani nauyin da ba a rubuta shi cikin ƙa'ida ba. Masu cikakkiyar ƙuri'a a babban kwamitin su ne masu biyan kuɗin zama cikakkun 'yan ƙungiya duk shekara, kuma akasarinsu manyan kamfanonin fasaha ne na Amurka. Ko ba ƙuri'a ma, su ne masu zane, lambar da ba su zana ba akwati ce. A 2016 an riga an ba bindigar farauta lamba, `U+1F946`, cikin jerin wasannin motsa jiki, sai aka janye mata matsayin imoji dab da fitowa bayan Apple da Microsoft sun nuna ba sa so. Lambar tana nan a kundi, tunda ba a gogewa, amma ba za ka gan ta a allon wayarka ba. A shekarar ce kuma Apple ya sauya zanen ƙaramar bindiga 🔫 ya mayar da ita ta wasan yara mai feshin ruwa, zuwa 2018 sauran suka bi sahu. Lamba ɗaya, suna ɗaya, ma'ana ta juye, har a tsofaffin saƙonnin da aka rubuta kafin sauyin. Wannan ya fi damuna a kan rashin goro. An yi alkawarin lamba ba ta sauyawa, amma fuskar lambar tana hannun kamfani.

Kujerun nan kuwa ba a hana kowa ba. Akwai lokacin da ma'aikatar harkokin addini ta ƙasar Oman ta zama cikakkiyar 'yar ƙungiya mai ƙuri'a, gwamnatocin Indiya da Bangladesh ma sun shiga a wani mataki don kare rubutunsu. Jami'o'inmu masu sassan nazarin Hausa da hukumomin fasahar sadarwa na Najeriya da Nijar za su iya yin haka. Idan sun shiga, ba na so goro ya zama abin da za su fara da shi. A fitowa ta 13.0, a 2020, an ƙara wasu haruffan Larabci da ake buƙata don rubuta ajamin Hausa da Wolof. Rubutun Adlam na Fulfulde, wanda 'yan'uwa biyu daga Gini, Ibrahima da Abdoulaye Barry, suka ƙirƙira, ya shiga a 2016. Irin waɗannan ba a auna su da giwa. Shaidar da ake nema a kansu ita ce littattafai da takardun da ke nuna ana rubutu da harafin, kuma wannan muna da shi jibge a ɗakunan malamai. Rashin imojin goro ba ya hana kowa faɗin abin da ke ransa, amma rashin harafi yana hana a buga waƙar da aka rubuta da ajami yadda mai ita ya rubuta.

Wani zai ce to a bar musu kundinsu mana, ga sitika. Gaskiya ne sitika ta rage zafi. Wani matashi ɗan Kwaddibuwa, O'Plérou Grebet, ya shafe shekarar 2018 yana zana abu ɗaya na rayuwar Afirka kowace rana, ya tara su ya sa wa aikin suna Zouzoukwa, ba tare da ya jira izinin kowa ba. Mu ma zaurukanmu na WhatsApp cike suke da sitikun da yaran unguwa suka haɗa, kuma sun fi duk wani imoji iya tsiya. Sai dai sitika hoto ce. Ba ta shiga tsakiyar jimla, ba a sa ta a sunan mutum ko kan labari, ba a nemo ta da bincike, manhajar da ke karanta wa makaho saƙo ba ta san sunanta ba, kuma ranar da ka bar wannan manhaja ka bar ta. Mai lamba shi ke zuwa ko'ina rubutu ya je.

Abin da nake so kwamitin ya gyara ƙarami ne. Su riƙe tsaurinsu, su riƙe shekara huɗunsu, su ci gaba da watsi da takardun koke. Amma a ɓangaren shaidar yawan amfani, su yarda a haɗa sunayen abu ɗaya na harsuna daban-daban a ƙirga su a matsayin abu ɗaya, kuma su karɓi shaidar da ba ta Google ba idan ana iya tabbatar da ita: alƙaluman noma da ciniki, yawan ƙasashen da ake amfani da abin, ƙamusoshin da suka rubuta karin maganar da ke kansa. Wanda zai rubuta takardar goro kuma, kada ya fara da rubutu. Ya fara da neman mai zane, su zauna su rage zanen zuwa ɗigo 18, su nuna wa mai sayar da goro a bakin kasuwa ba tare da sun gaya masa mene ne ba. Idan ya ce albasa ce, su koma su sake.